BABI NA UKU: TARIHIN GANO MUSABBABIN SANKARAR ƁARGO MAI TAFIYAR HAWAINIYA DA MAGANINTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin wata cuta guda daga cikin cututtukan sankarar jini, wato sankarar ɓargo mai tafiyar hawainiya, wadda ake rubuta sunanta a takardun asibiti da haruffan CML. An duba yadda likitoci suka fara ganin ta, da yadda aka gano cewa haɗewar wasu kuromosom guda biyu ce ke haddasa ta, sannan da dalilin da ya sa wani magani na haɗiya ya tsawaita rayuwar masu fama da ita. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, an shafe fiye da shekara ɗari ana rage wa cutar kaifi ba tare da an ƙara wa marasa lafiya kwana na a zo a gani ba, domin magungunan wancan lokaci yawan ƙwayoyin jini kawai suke ragewa. Sai da aka san ainihin abin da ya lalace a cikin ƙwayar ɓargo, aka kuma samu maganin da ke toshe shi, sannan al'amarin ya sauya.

3.1 Yanayin Cutar

Ɓargon ƙashi shi ne masaƙar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da ake ɗauka a matsayin iyaye, waɗanda daga gare su ne jajaye da fararen ƙwayoyin jini suke fitowa. A jikin mai lafiya ana samun fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a cikin maikurolita ɗaya ta jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. A jikin mai wannan cuta kuwa, sau da yawa adadin kan wuce 100,000 kafin ma ya je asibiti. Saifarsa kan kumbura ta cika ɓangaren hagu na ciki, yana cin abinci kaɗan sai ya ji ya ƙoshi, ga kasala da rama da zufa cikin dare.

An danganta cutar da tafiyar hawainiya ne saboda matakinta na farko yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar. A wannan mataki fararen ƙwayoyin sun yi yawa, amma suna nuna, suna kuma yin aikinsu gwargwado, don haka mutum yana iya ci gaba da harkokinsa. Bayan haka sai cutar ta rikiɗe. Ɓargo ya daina fitar da nunannun ƙwayoyi, ya cika da ɗanyu marasa amfani, jini ya ƙone, zubar jini da zazzaɓi su biyo baya. Wannan shi ne matakin ɓarkewa, kuma a da wanda ya shige shi da wuya ya wuce wata shida. Ke nan abin da ke kashe mai cutar shi ne rikiɗewar nan, kuma duk maganin da bai hana ta ba, jinkiri kawai ya kawo.

3.2 Daga Farin Jini Zuwa Rage Ƙwayoyi

A shekarar 1845 ne likitoci biyu, John Hughes Bennett a birnin Edinbara da Rudolf Virchow a birnin Balin, suka bayar da bayanin marasa lafiyar da suka mutu da ƙatuwar saifa da jini mai kauri wanda ya yi fari-fari. Bennett ya ɗauka jinin ne ya zama mugunya. Virchow bai yarda da haka ba, domin bai ga wani gyambo ko maruru da mugunyar za ta fito daga gare shi ba. Ya ce cuta ce ta jinin kansa, kuma a shekarar 1847 ya ba ta sunan lukimiya, kalmar da aka gina daga Girkanci mai ma'anar farin jini. Daga baya Ernst Neumann ya nuna cewa daga ɓargo matsalar take tasowa.

Magungunan da suka biyo baya duk hanya ɗaya suka bi. A shekarar 1865 aka fara ba marasa lafiya ruwan sinadarin asinik. A farkon ƙarni na ashirin aka koma haska saifa da hasken gashi na asibiti. A shekarar 1953 aka shigo da maganin busulfan a Landan, daga baya kuma haidurokisiyuriya ya maye gurbinsa. Kowanne daga cikinsu yana kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, saboda haka adadin fararen ƙwayoyi yakan sauka, saifa ta saɓe, mara lafiya ya ji sauƙi. Amma rikiɗewar tana nan tafe a kan lokacinta.

A cikin shekarun 1980 aka samu hanyoyi biyu da suka ɗan taɓa tushen cutar. Ta farko ita ce dashen ɓargo daga wani mutum, wanda yana iya warkar da cutar ɗungurungum, sai dai yana buƙatar mai bayarwa wanda jikinsa ya dace, yana kuma buƙatar mara lafiya mai sauran ƙuruciya, kuma dashen kansa yana halaka wasu. Ta biyu ita ce allurar intaferon, wadda Moshe Talpaz da abokan aikinsa suka fara gwadawa a birnin Hustan na Amurka. Wani bincike da aka yi a Jamus, wanda aka buga a shekarar 1994, ya nuna matsakaicin tsawon rayuwa bayan gano cutar kamar haka: wata 45 ga masu shan busulfan, wata 56 ga masu shan haidurokisiyuriya, wata 66 ga masu karɓar intaferon. Allurar tana zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da baƙin ciki, har wasu suka gwammace su bar ta. A nan al'amari ya tsaya a asibitoci, alhali a ɗakunan bincike an riga an yi nisa a wata hanya dabam.

3.3 Gano Kuromosom ɗin Filadelfiya

A cikin cibiyar kowace ƙwayar jiki akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, waɗanda a jikinsu ne ƙwayoyin gado suke jere kamar duwatsun carbi. Kowace ƙwayar gado umarni ce ta yadda za a ƙera wani furotin. Sai a shekarar 1956 ne Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar cewa ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato tagwaye 23, bayan an daɗe ana koyar da cewa 48 ne. Wannan ya nuna irin wahalar da ke tattare da ƙirga su a wancan zamani.

Shekara huɗu bayan haka, wato a 1960, Peter Nowell na Jami'ar Fensilbaniya da David Hungerford, wanda a lokacin ɗalibi ne mai neman digirin digirgir, suka duba ƙwayoyin jinin masu wannan cuta a ƙarƙashin madubin bincike. A cikin mutum bakwai da suka bayar da rahotonsu, kowanne yana da wani kuromosom guda da ya gajarce fiye da kima, kuma a ƙwayoyin cutar kaɗai ake ganin sa. An sa masa sunan birnin da aka gano shi, wato kuromosom ɗin Filadelfiya. Wannan ne karo na farko da aka samu wata tawaya ta kuromosom da take tafiya tare da wani nau'in sankara a kusan kowane mara lafiya. Duk da haka masana da yawa sun ɗauka tawayar sakamakon cutar ce, ba dalilinta ba.

An yi shekara goma sha uku ana zaton guntun da ya ɓace ya salwanta ne kawai. A shekarar 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta yi amfani da sababbin hanyoyin rini waɗanda ke fito da zane-zane a jikin kowane kuromosom, ta yadda za a iya bambance shi da ɗan'uwansa. Ta lura cewa a duk inda kuromosom na 22 ya gajarce, kuromosom na 9 ya ƙara tsawo, kuma tsawon da ya ƙaru ya yi daidai da wanda ya ragu. Ashe guntun bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Daga baya aka tabbatar cewa musaya ce: babban guntu ya tashi daga na 22 zuwa na 9, ƙaramin guntu kuma ya tashi daga na 9 zuwa na 22. A takardar gwaji ana rubuta wannan musaya da t(9;22)(q34;q11), inda lambobin baya suke nuna daidai wurin da kowane zare ya tsinke.

Ya kamata a lura cewa ba a gadon wannan tawaya daga iyaye, kuma mai ita ba ya ba 'ya'yansa. Tana faruwa ne a cikin ƙwaya guda ta ɓargo bayan an haifi mutum, sannan duk zuriyar wannan ƙwaya su ɗauke ta. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin faruwarta shi ne tururin nukiliya mai yawa, kamar yadda aka gani ga waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na shekarar 1945.

3.4 Abin da Musayar Take Haifarwa

Tambayar da ta rage ita ce, me ke zaune a wurin da zaruruwan suka tsinke? An samu amsar daki-daki a cikin shekarun 1980. A shekarar 1982 masu bincike a Holan da Amurka suka nuna cewa ƙaramin guntun da ya tashi daga kuromosom na 9 yana ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna ABL. An riga an san 'yar'uwarta a jikin wani bairas da ke sa wa ɓeraye sankarar jini, wanda Herbert Abelson ya gano, kuma daga sunansa aka ciro haruffan. A shekarar 1984 John Groffen da Nora Heisterkamp da abokan aikinsu suka nuna cewa kuromosom na 22 kusan kullum a wani ɗan ƙaramin yanki guda yake tsinkewa, a tsakiyar wata ƙwayar gado da aka sa wa suna BCR. Idan guntayen suka manne, sai kan BCR ya haɗu da gangar jikin ABL, a samu wata sabuwar ƙwayar gado da babu ita a jikin mai lafiya, wato BCR-ABL.

Domin a fahimci illar wannan haɗi, sai an san aikin ABL na asali. Furotin ɗin da take ƙerawa yana cikin wani rukuni da ake kira tairosin kaines. Aikinsa shi ne ya ɗauko ƙwayar fosfet daga wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kamar man fetur na ƙwayar jiki, ya liƙa ta a jikin wasu furotin. Wannan liƙawa saƙo ne da ke cewa ƙwaya ta rabu gida biyu, ko kuma kada ta mutu. A jikin mai lafiya, kan furotin ɗin ABL yana lanƙwasowa ya shiga wani ɗan rami a jikinsa ya kulle shi, kamar yadda sakata ke riƙe ƙofa, ba ya buɗewa sai an buƙace shi. A wajen musayar nan, wannan kan ne ake yankewa, a maye gurbinsa da kan BCR. Sakata ta tafi ke nan. Bugu da ƙari, kan BCR yana da ɗabi'ar manne wa 'yan'uwansa, saboda haka furotin ɗin sukan taru su yi ta kunna juna. Sakamakon haka shi ne saƙon rabuwa ba ya yankewa dare da rana, ƙwayoyin suna yawaita, ba sa mutuwa a kan kari, suna kuma barin ɓargo tun ba su isa ba. Har wa yau, ƙwayar da ke cikin wannan hali takan yi ta tara wasu kurakuran gado, kuma taruwarsu ce ke kai wa ga matakin ɓarkewa.

Hujjar ƙarshe ta zo a shekarar 1990, lokacin da George Daley da Richard Van Etten da David Baltimore suka sa BCR-ABL a cikin ɓargon ɓeraye masu lafiya, sai wasu daga cikinsu suka kamu da cuta mai kama da ta mutane. Da wannan aka kawo ƙarshen gardamar da aka fara tun 1960: haɗin shi ne dalilin cutar, kuma shi kaɗai ya isa ya tayar da ita.

3.5 Samuwar Imatinib

Sanin dalili bai sa an yi saurin yarda cewa za a samu magani ba. Jikin ɗan Adam yana da nau'in kaines fiye da 500, kuma dukkansu suna da aljihun da ATP ke shiga. Masana da yawa sun yi hasashen cewa duk sinadarin da ya toshe aljihun guda zai toshe na sauran, ya zama guba. Kamfanoni kuma suna ganin masu cutar ba su da yawa, domin a shekara mutum ɗaya ko biyu ne cikin 100,000 suke kamuwa.

A kamfanin Ciba-Geigy da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wata ƙungiya ƙarƙashin Alex Matter da Nicholas Lydon ta ci gaba da neman irin wannan sinadari. Jürg Zimmermann ne ya haɗa shi a shekarar 1992, Elisabeth Buchdunger kuma ta gwada shi. Brian Druker, wani likitan sankara da ya koma birnin Fotlan na jihar Oregon a shekarar 1993, ya karɓi sinadarin ya gwada a kan ɓargon marasa lafiya a cikin faranti. A rahoton da ya buga a shekarar 1996, ƙwayoyin da ke ɗauke da BCR-ABL sun ragu da kashi 92 zuwa 98 cikin ɗari, lafiyayyun kuwa suka ci gaba da girma. A wannan shekara ce kamfanin ya haɗe da wani ya zama Novartis.

An fara gwajin maganin a kan mutane a watan Yuni na shekarar 1998, a kan waɗanda intaferon ya gaza yi musu aiki. An fara da awo kaɗan ana ƙarawa. Daga cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a kullum, jinin 53 ya koma daidai, yawanci cikin mako huɗu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ranar 10 ga Mayu, 2001, da sunan imatinib. Binciken da John Kuriyan da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2000 ya bayyana abin da ya warware tsoron masana. Maganin yana kama furotin ɗin ne a lokacin da yake a kashe, ya zauna a aljihun ATP ya hana shi sake kunnuwa. Nau'o'in kaines suna kama da juna idan suna kunne, amma a kashe kowanne da irin siffarsa, don haka kaɗan ne kawai imatinib yake iya kamawa.

3.6 Dalilin Tsawaitar Rayuwa

Babban gwajin da ya raba gardama shi ne wanda ake kira IRIS, wanda aka fara a shekarar 2000. An raba sababbin marasa lafiya 1,106 gida biyu daidai. Rukuni ɗaya yana shan imatinib miligiram 400 a kullum, ɗayan yana karɓar intaferon tare da wani maganin. Bayan wata 18, kashi 76 cikin ɗari na masu shan imatinib ba a ganin kuromosom ɗin Filadelfiya ko ɗaya a ɓargonsu, alhali a ɗaya rukunin kashi 14 da rabi ne kawai. Da aka ci gaba da bin masu shan imatinib, an samu kashi 89 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kashi 83 kuma bayan shekara goma, kuma wannan lissafi ya haɗa har da waɗanda wata cuta dabam ta yi ajalinsu. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa wanda aka gano yana da cutar a 2013, abin da zai rasa daga tsawon rayuwarsa bai kai shekara uku ba.

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga dalilai uku. Na farko, a matakin farko cutar ta dogara ne a kan kuskure guda, kuma ƙwayoyin cutar ba sa iya rayuwa idan an katse saƙon BCR-ABL. Na biyu, lafiyayyun iyayen ƙwayoyi suna nan a ɓargo an danne su ne kawai, don haka da zarar an kawar da masu cutar sai su farfaɗo su cika gurbin. Busulfan bai iya yin haka ba, domin bai san bambancin mai cuta da lafiyayye ba, shi ya sa ko adadi ya sauka, kusan duk ƙwayoyin da suka rage masu tawayar ne. Na uku, idan ƙwayoyin cutar suka ragu ninki dubu, damar da ɗayansu zai samu ta tara ƙarin kurakurai ta ragu ƙwarai. A gwajin IRIS an ga yawan masu rikiɗewa yana raguwa bayan shekaru ukun farko, saɓanin yadda aka saba gani a da. Hana rikiɗewar nan ita ce ta zama ƙarin shekaru. Shi ya sa wanda aka fara ba shi maganin bayan ya riga ya shiga matakin ɓarkewa, sauƙin da yake samu ba ya daɗewa, domin a lokacin cutar ta samu wasu madogara.

3.7 Yadda Ake Gane Magani Yana Aiki

A yau ana auna ci gaban mara lafiya da gwajin jini mai suna PCR, wanda ke ƙirga saƙon BCR-ABL ya bayar da shi a matsayin kashi cikin ɗari bisa wani ma'auni na duniya. Ƙa'idojin ƙungiyar masana sankarar jini ta Turai na shekarar 2020 sun sa iyakoki uku: kashi 10 ko ƙasa a wata na uku, kashi 1 ko ƙasa a wata na shida, kashi 0.1 ko ƙasa a wata na goma sha biyu.

Ga misali domin ƙarin haske. A ɗauka wani magidanci ya zo da fararen ƙwayoyi 180,000 da kumburarriyar saifa, aka tabbatar da haɗin, aka ɗora shi a kan miligiram 400. Cikin wata guda ko biyu adadin ya koma 7,000, saifa ta saɓe. A nan mara lafiya kan ɗauka ya warke, alhali gwajin ƙirga ƙwayoyi ba ya ganin abin da ya rage. A wata na uku PCR ya nuna kashi 6, a wata na shida 0.8, a wata na goma sha biyu 0.08. Ya cika iyakokin duka uku, kuma cutar ta ragu fiye da ninki dubu. To, idan a shekara ta biyu sakamakon ya tashi zuwa kashi 1.5, abin da likita zai fara tambaya shi ne ko yana shan maganin kullum. Wani bincike na asibitin Hamasmit da ke Landan, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa masu shan fiye da kashi 90 cikin ɗari na maganinsu kusan dukkansu sun kai matakin 0.1, waɗanda suka gaza haka kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Tsallake kwana uku ko huɗu a wata ya isa ya jefa mutum cikin rukuni na biyu. Idan aka tabbatar yana sha yadda ya kamata, sai a duba ko furotin ɗin ya sauya siffa.

3.8 Iyakokin Nasarar

A shekarar 2001 Charles Sawyers da abokan aikinsa suka gano cewa a wasu marasa lafiyar da cutar ta dawo musu, BCR-ABL ya sake yin wani kuskure a daidai aljihun da maganin ke zama. Mafi shahara shi ne wanda ake rubutawa T315I, inda wani tubali guda a gurbi na 315 ya sauya da wani mafi girma, ya tare hanya. Wannan ya sa aka ƙera wasu magungunan: dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, bosutinib da fonatinib a 2012. Daga cikin waɗannan huɗu, fonatinib kaɗai ke iya wuce shingen T315I. A shekarar 2021 aka amince da asiminib, wanda ba ya neman aljihun ATP, sai dai ya shiga ramin nan da sakatar asali take shiga, ya mayar da kullen da musayar ta cire. Kowanne yana da nasa illolin. Imatinib kan kawo kumburin fatar ido da tashin zuciya da ɗaurewar tsoka, ga baƙaƙen fata kuma yakan sa fata ta yi haske. Dasatinib kan tara ruwa a gefen huhu, nilotinib da fonatinib kuma suna iya toshe jijiyoyin jini. Haka nan ba a son mace ta ɗauki ciki tana shan su.

Iyaka ta biyu ita ce, maganin ba ya kashe iyayen ƙwayoyin cutar da ke kwance ba sa rabuwa, don haka yawancin mutane shan rai da rai suke yi. Wani gwaji na ƙasar Faransa ƙarƙashin François-Xavier Mahon, wanda aka buga a 2010, ya dakatar da maganin ga waɗanda suka yi aƙalla shekara biyu PCR bai ga komai a jininsu ba. Kimanin kashi 40 cikin ɗari sun zauna lafiya, sauran kuwa cutar ta sake ɓullowa, yawanci cikin wata shida, amma da suka koma shan maganin sai ta sake kwantawa. Ba a yin wannan dakatarwa sai inda ake iya yin gwajin PCR a kai a kai.

Iyaka ta uku ita ce kuɗi. A shekarar 2013 masana wannan cuta fiye da ɗari suka sa hannu a wata maƙala suna kukan cewa kuɗin imatinib na shekara guda a Amurka ya tashi daga kimanin dala 30,000 a 2001 zuwa dala 92,000 a 2012. A watan Afrilu na 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin haƙƙin mallakar maganin, abin da ya ba kamfanonin ƙasar damar ci gaba da yin mai rahusa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da suka zama dole. A Nijeriya, tun daga shekarar 2003 aka fara raba shi kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin wani shirin tallafi na kamfanin da gidauniyar Max. Duk da haka, wanda ya zo asibiti a makare, ko wanda nisan hanya ya sa maganinsa ya yanke, ko wanda ba shi da kuɗin gwajin PCR, ba zai ga irin sakamakon da aka gani a gwajin IRIS ba.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda aka ɗauki shekara 115 daga bayanin Bennett da Virchow zuwa ganin gajeren kuromosom, sannan shekara 41 daga nan zuwa amincewa da imatinib. A tsakanin waɗannan shekaru 41, kowane mataki ya ginu ne a kan wanda ya gabace shi: Nowell da Hungerford suka ga tawayar, Rowley ta gano musaya ce, masu binciken shekarun 1980 suka fito da BCR-ABL, gwajin ɓeraye ya tabbatar shi ne dalili, sannan masu haɗa magani suka toshe shi. An kuma ga cewa tsawaitar rayuwar ta samu ne domin maganin ya rage ƙwayoyin cutar su kansu ya hana su rikiɗewa, kuma wannan amfani yana ɗorewa ne muddin an fara shan maganin tun cutar tana matakin farko, ana sha kullum, ana kuma auna jini a kan lokaci.